Sarƙar Kaka a Hannun Amarya: Abin da Ya Kamata Uwa Ta Rubuta

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Tawa, ina da ɗiya biyu mata da ɗa namiji ɗaya. Ta farin za a ɗaura mata aure bayan Babbar Salla, kuma a Yamai za ta zauna, cikin gidan dangin mijinta. Ina da sarƙar zinariya da mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta sayo a Makka ta bar mini, kuma ita nake so in ba yarinyar. Da yake ta fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in zaunar da ita in yi mata doguwar magana, saboda haka na yi niyyar rubuta mata wasiƙa in haɗa da sarƙar. Na sha farawa ina yagewa, domin duk abin da na rubuta sai ya koma wa'azi. Ina kuma tsoron kada ƙanwarta ta ga an fifita yayarta, ko sarƙar ta salwanta a gidan miji. Me ya kamata in rubuta mata?

Uwar amarya, Tawa

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanya albarka a wannan aure, Ya jiƙan mahaifiyarki. Ina ganin abin da ke karkatar da alƙalaminki zuwa wa'azi shi ne kina so takarda guda ta ɗauki duk maganar da kunya ta hana ki yi tun haihuwar yarinyar, kuma takarda guda ba za ta iya ba. Faɗan haƙuri da biyayya da riƙon sirrin miji za ta sha shi daga bakin gwaggonninta da innoninta a daren kai amarya, har ya ishe ta. Abin da babu wanda zai iya gaya mata sai ke abu uku ne: inda sarƙar ta fito, wanda ya mallake ta daga yau, da halin da kika yarda a sayar da ita. Idan wasiƙar ta tsaya a kan waɗannan, ma'anar kyautar za ta fito da kanta, ba sai kin yi ta nanata cewa abu ne mai daraja ba. Amma kafin ki ɗauki alƙalami akwai ayyukan da za ki gama, domin a cikinsu ne za ki samo abin rubutawa.

Na farko yana cikin kalmarki ta "ta bar mini". Wannan magana tana da fuska biyu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Idan mahaifiyarki ta ba ki sarƙar tana da rai da lafiyarta, kika karɓa ta shiga hannunki, to taki ce ke kaɗai. Haka nan idan an raba gado sarƙar ta faɗo cikin rabonki, ko sauran magada suka yafe miki. Amma idan bayan rasuwarta ne aka buɗe akwati, ke kika ɗauka saboda ke ce babba ko ke kika yi jinya, ba a yi mata kuɗi an raba ba, to ƴan uwanki suna da haƙƙi a cikinta har yanzu, ko da shekara ashirin ta wuce ba wanda ya ɗaga maganar. Irin wannan shiru yakan ƙare ne ranar da aka ga sarƙar a wuyan amarya, wata inna ta gane ta, ta ce ai ta uwarmu ce. Idan kina da kokwanto, ki kira ƴan uwanki tun yanzu ki faɗa musu niyyarki, wanda ya yafe ya yafe a gaban shaida, wanda yake son rabonsa a yi wa sarƙar kuɗi a biya shi. Ki kuma sanar da mahaifin yarinyar. Ban da cewa ladabi ne, malaman Malikiyya sun ba miji damar hana kyautar matarsa idan ta haura sulusin dukiyarta, don haka idan wannan sarƙa ita ce mafi yawan abin da kika mallaka, yardarsa tana rufe wata ƙofar rigima.

Na biyu, ki kai sarƙar wurin maƙerin zinariya da kika yarda da shi a auna ta, ki tsaya a kansa har ya gama, kada ki bar ta ta kwana a can. Mutane da yawa suna ganin wannan kamar rage wa kyauta daraja ne, wai an mai da kayan tarihi kayan kasuwa. Ni ban gan shi haka ba. Sarƙar da ba a san nauyinta ba ita ce ake ara a dawo da wata mai kama da ita, ko a kai gyara ta dawo ta ragu, mai ita kuma ba ta da abin da za ta kafa hujja da shi. Ki fara duba kusa da maɓallin sarƙar, inda ake buga ƙaramin hatimi. Idan kika ga 750, zinariya ce mai karat 18, wato kashi 750 cikin 1000 zinariya ce, sauran kuwa jan ƙarfe ne ko azurfa da aka haɗa don ta yi ƙarfi. Idan 875 ne, karat 21 ke nan, wadda ita ce aka fi sayarwa a kasuwannin Makka da Madina. Lamba 916 kuma karat 22 ce. Hatimin kaɗai ba ya isa shaida, domin ana buga shi a jikin jabu, kuma tsohuwar sarƙa takan yiwu an taɓa canza mata maɓalli. Maƙeri zai goga ta a kan baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen da ta bari, ya ga ko zanen zai tsaya ko zai ɓace. Ki ce ya gwada a wuri biyu, jikin sarƙar da kuma abin da ke rataye a tsakiyarta, domin sau da yawa ba a lokaci ɗaya aka saye su ba. Idan ya kara maganaɗisu ya ɗan kama maɓallin, kada hankalinki ya tashi, akwai ɗan siririn ƙarfe a cikin wasu maɓallan. Jikin sarƙar ne bai kamata ya kama ba.

Mu ɗauka an auna ta aka samu giram 40, karat 21. Zinariya tsantsa da ke cikinta ita ce 40 sau 0.875, wato giram 35. Wannan lissafin zai yi wa ɗiyarki amfani a wuri biyu. Ranar da za ta sayar, mai saye ba zai biya ta kuɗin aikin ƙira ba, zai yi mata kuɗi ne a kan nauyi da karat bisa farashin giram na ranar, kuma zai cire nauyin duk wani dutse ko ƙwalli da ke jiki, don haka wadda ta san nauyin kayanta ba a yi mata wayo da sauƙi. Sai maganar zakka, wadda amare masu tsoron Allah sukan damu da ita. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kayan adon da mace take sawa babu zakka a kansu. Idan kuwa an ajiye su ne a matsayin tanadi don ranar buƙata, to ana lissafa su, kuma nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85, a fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari bayan shekara ta zagayo. Giram 35 bai kai ba shi kaɗai, sai in an haɗa shi da wata zinariyar ko kuɗin da take ajiye da su. Ki sa maƙerin ya rubuta miki nauyi da karat da kwanan wata a takarda, ki ɗauki hoton sarƙar a kan ma'aunin lambar tana fitowa, ki tura wa yarinyar, ki ajiye naki.

Na uku shi ne wanda iyaye mata suka fi yin sakaci da shi, wato miƙawa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an faɗa cewa kyauta ba ta cika sai da karɓa, kuma idan mai kyautar ya rasu kafin a karɓa, abin ya koma gado. Ma'anar wannan a wurinki ita ce, idan kika rubuta wasiƙa mai daɗi, kika ce sarƙa ta yarinya ce, sannan kika ce bari ki ajiye mata a akwatinki har ta saba da Yamai, to ba ki gama kyautar ba. Da ta Allah za ta kasance a kanki a wannan tsakanin, sarƙar za ta shiga rabon gado tare da mijinki da ɗanki da ƙanwarta, wasiƙar kuma ba za ta hana ba. Kada kuma ki rubuta cewa "bayan raina taki ce", domin wannan wasiyya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Ki ba ta hannu da hannu kina da lafiyarki, a gaban shaidu, ta karɓa ta tafi da ita ɗakinta. A shaidun a samu maza biyu adalai, misali kawunta da baffanta, ban da matan da za su kasance a wurin, domin dukiya ce, kuma shaidar maza ita ce ba a yi wa gardama in magana ta kai gaban alƙali. Ki kuma sani cewa damar da shari'a ta ba iyaye ta karɓe kyautar da suka yi wa ɗa tana da iyaka, kuma tana faɗuwa idan an yi aure saboda kyautar ko an ba shi bashi saboda ita, ko ya sauya abin. Ki ba ta da zuciyar da ba za ta waiwaya ba.

Game da ƙanwarta, tsoronki yana kan hanya, kuma addini ma ya riga ki jin sa. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna mahaifinsa ya yi masa kyauta ya je neman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida, sai aka tambaye shi ko ya yi wa sauran ƴaƴansa irinta. Da ya ce a'a, aka umarce shi da jin tsoron Allah da yin adalci tsakanin ƴaƴansa. Malikiyya sun ce makaruhi ne mutum ya ba wani cikin ƴaƴansa dukan dukiyarsa, amma ba da wani sashe ya halatta. Halascin bai goge abin da zai zauna a zuciyar ƙaramar ba. Ba na ba ki shawarar a narkar da sarƙar a raba biyu, domin za a yi asarar aikin ƙira da ɗan nauyi, sannan a wayi gari babu wadda ke riƙe da abin da kakarsu ta sa a wuyanta. Abin da ya fi shi ne ki ware wa ƙanwar nata tun yanzu, ko ƴan kunne da zobe in suna nan, ko ki fara tara mata zinariya giram bayan giram daga kuɗin adashi har ta kusanci nauyin sarƙar, ki kuma tuna da ɗanki namiji da abin da ya dace da shi, tunda shi zinariya ba ta halatta ya sa ba. Ki kira ƙaramar ki gaya mata da bakinki kafin ranar, ita ai babu kunyar fari tsakaninku. Kada ta fara jin labarin a bakin ƴan biki. Ki kuma ambace ta a cikin wasiƙar, domin wata rana ita ma za ta karanta.

Yanzu sai rubutun kansa. Ki yi shi da hannunki, da Hausar da kike magana da ita a tsakar gida, ko da boko ko da ajami, wanda hannunki ya fi sabawa da shi. Ko da yarinyar da Faransanci ta yi karatu, kada ki ba wani ya juya miki, domin abin da za ta nema a takardar bayan shekaru shi ne muryarki. Sunanta ma ba sai kin rubuta shi a jikin wasiƙar ba, ki kira ta da sunan da kika saba sakaya ta da shi. Cikakken sunanta a sa shi a ƙasa, wurin shaidu, kuma ɗaya daga cikinsu zai iya rubutawa. Maganin wa'azi kuwa shi ne labari. Duk inda kika ji hannunki zai rubuta "ki zama mai haƙuri", ki tsaya ki tambayi kanki wace rana ce sarƙar nan ta ga haƙuri, sai ki rubuta ranar. Wace shekara aka sayo ta, da kuɗin me, wa ya raka mahaifiyarki, sau nawa aka kusa sayar da ita, me ya hana. Kada ki ƙara gishiri. Idan an taɓa ba da ita jingina, ki faɗa, domin wannan ya fi koya wa amarya zaman duniya fiye da a ce mata ba a taɓa shiga matsi a gidanku ba.

Ga misalin yadda za ta iya kasancewa. Abubuwan da ke ciki na tsara su ne don ki ga hanya, ki cire su ki sa naki na gaskiya:

"Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗiyata, kin san ba na iya zama in yi miki magana kamar yadda nake yi wa ƙannenki, shi ya sa na rubuta. Wannan sarƙa ta kakarki ce. Ta sayo ta a Makka shekarar da ta sauke farali, da kuɗin tumakin da ta yi shekaru tana kiwo a bayan gida, kuma ba ta gaya wa kowa nawa ta saya ba har ta koma ga Allah. A farin 1984, lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu, dabbobi suka mutu, ta kai ta wurin wani ɗan kasuwa ta karɓo buhunan hatsi, ta ciyar da mu da ƴaƴan kishiyarta, sannan ta yi shekara biyu tana biya har ta karɓo abarta. Ta ba ni ita ina da cikinki, a gaban kawunki. A 1994, da aka karya darajar sefa, kuɗin da muka tara suka zama ba su sayen rabin abin da muka sa rai, sarƙar nan ce kaɗai ba ta ragu ba, kuma na yi niyyar sayar da ita, mahaifinki ya ce in dakata, Allah Ya kawo mafita ta wata hanya.

"Yau na ba ki ita kyauta, halak malak, ina cikin lafiyata da hankalina, da sanin mahaifinki. Nauyinta giram 40 ne, karat 21, takardar awon tana cikin wannan ambulan. Ba ta cikin lefe, ba ta cikin sadaki, ba ta cikin kayan ɗaki. Ƙanwarki ta san da wannan, kuma na ware mata nata, kada ki ji nauyinta, kada kuma ki yi mata gori.

"Ki sa ta, kada ki ɓoye ta har ki manta da ita. Ina so wata rana ki ba ɗiyarki in Allah Ya ba ki, amma wannan fata ne, ban ɗaura miki shi a wuya ba. Idan ciwo ya zo, ko yunwa, ko karatun ƴaƴanki ya tsaya, ko kika rasa kuɗin motar da zai kawo ki gida, ki sayar, ban riƙe ki da komai ba, kakarki ma da tana nan abin da za ta ce ke nan. Abin da ban yarda ba shi ne a sayar da ita don biki ko don a burge mutane. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ki shiga a sa'a. Mahaifiyarki."

Ki lura da sakin layi na ƙarshe, domin a nan ne iyaye da yawa suke cutar da ƴaƴansu ba da niyya ba. Uwa takan rubuta "ban yafe ba in kika rabu da ita", tana ganin ta kare sarƙar ke nan. Abin da ke biyo baya shi ne ɗiya ta zauna da yaro marar lafiya a asibiti, tana da zinariya a akwati, tana tsoron bakin uwa, ko kuma ta sayar a ɓoye ta sayi jabu mai kama da ita ta riƙa sawa duk lokacin da za ta zo Tawa, ta rayu da wannan nauyin ita kaɗai. Matan da suka riga mu sun tara zinariya ne domin tana da sauƙin ɗauka, ba ta ruɓewa, ba ta mutuwa a fari kamar dabba, kuma ana iya mai da ita kuɗi cikin yini ɗaya. Izinin sayarwa da kika rubuta da hannunki yana cikin kyautar, kuma iyakar da kika sa masa ita ce za ta ba yarinyar bakin cewa a'a idan aka matsa mata.

Wannan ya kawo mu gidan miji. Ba na so ki cusa mata zargin mutanen da ba ta zauna da su ba tukuna, kuma bai dace kalma ko ɗaya ta suka ga mijinta ko danginsa ta shiga takardar ba, domin wasiƙa tana daɗewa, kuma ba ki san hannun da za ta faɗa ba. Jimlar da ta ce sarƙar ba ta cikin lefe ko sadaki ta wadatar, saboda idan aure ya samu matsala har aka zo lissafin abin da miji ya kawo, a nan ne zinariyar da ba a san asalinta ba take cakuɗewa da kayan akwati. A gaskiya kuma zinariyar amare ba ta cika tafiya ta hanyar sata ba. Aro ne ke cinye ta. Ƙanwar miji za ta je biki ta ce a ba ta ta sa, amarya tana jin kunya ta ba ta, daga nan ta wuce hannun wata. Ko miji ya shiga matsin jari ya ce a ba shi zuwa bayan Salla. Ki bar wa gwaggonta ta gaya mata da baki cewa dukiyar mace tata ce a shari'a, aure bai mai da ita ta miji ba. Idan ta ga dama ta taimaki mijinta, alheri ne, amma su fayyace tun farko ko kyauta ce ko bashi. In bashi ne, a rubuta shi kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, kuma a rubuta shi da giram da karat, domin wanda ya karɓi giram 40 ya yi alkawarin biyan kuɗin da aka sayar da ita, bayan shekara biyar kuɗin ba lalle su sayo rabinta ba. Ga masu aron biki kuwa, wasiƙarki ta ba ta amsa mai sauƙi wadda ba za ta ɓata wa kowa rai ba: ta kakata ce, innata ta ce in riƙe.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da za a haɗa mata da su a baki. Idan wata rana ta ga ƙirar ta tsufa tana son sabuwa, ba a musanya tsohuwar zinariya da sabuwa a yi ciko da kuɗi, domin zinariya da zinariya sai nauyi daidai, hannu da hannu. Hanyar da ta kuɓuta daga riba ita ce ta sayar ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi wadda take so. Sai kuma ta kiyaye ta daga ruwan jabel da ake faranta tufafi da shi, wanda ke cin ƙarfen da aka haɗa zinariyar da shi har mahaɗan sarƙar su yi rauni, da man shafawa na sa fari, wanda wasunsa ke ɗauke da zaiba, ita kuwa zaiba tana kama zinariya ta mai da ita fari-fari. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi sun ishe ta wanki.

Lokacin bayarwa kuma, kada ki bari sai ranar ɗaurin aure ko daren kai amarya, lokacin da gida ya cika, akwatuna suna fita, ba wanda ya san abin da ke hannun wa. Ki zaɓi wata rana mako ɗaya ko biyu kafin a fara taro, bayan sallar la'asar, ki kira mahaifinta da shaidun da ƙanwarta. In kunya ba za ta bar ki ki miƙa da kanki ba, ki wakilta gwaggonta ta ɗaura mata a wuya kina zaune a wurin, wakilci ya inganta. Shaidu su sa hannu a ƙasan takardar tare da kwanan wata, a yi kwafi ɗaya ya zauna a wurinki. Wasiƙar kuwa kada a karanta ta a gaban mutane. A nuna wa shaidu sakin layin da ya shafi kyautar da nauyinta kawai, sauran ta karanta ita kaɗai. Ranar tafiya Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500, kada sarƙar ta bi motar kayan ɗaki. Ta kasance a jikin amaryar a ƙarƙashin mayafi, ko a jakar hannun gwaggon da za ta raka ta, wadda za ta damƙa mata ita a ɗakinta bayan ƴan rakiya sun watse.